Kimiyya a Sauƙaƙe: Yadda ake rubuta lilon dutse da kosayin

A wannan makon za mu ɗauki layi ɗaya tak daga littafin Fizis na babbar sakandare, layin da yawancinku kun haddace amma yake ba ku wahala idan an ce ku yi aiki da shi:

x = A cos(ωt)

Wannan layi yana bayanin motsin kai-komo mai sauƙi, wato irin motsin abin da aka rataye da zare aka sake shi yana lilo, ko nauyin da aka rataye a sifirin yana hawa da sauka. Aikinsa guda ɗaya ne: ka ba shi lokaci, ya gaya maka inda abin yake a wannan lokacin. Za mu haɗa namu lilon, mu auna shi, mu cike kowane harafi da lambar da muka samo da hannunmu.

Kayan aiki da awo

Ka nemi zare mai ƙarfi wanda ba ya talewa, irin na ɗinkin buhu, da ɗan dutse mai nauyi kamar girman ƙwan kaza. Tsohon kwado na ƙofa ma ya yi, kuma ya fi sauƙin ɗaurewa. Ka ɗaure zaren a ƙusa a saman ƙofa ko a reshen darbejiya mai kauri wanda ba ya motsi. Ka auna tsawon daga wurin ɗaurin zuwa tsakiyar dutsen, ba zuwa samansa ba, ka daidaita shi ya zama santimita 99. Wannan shi ake kira fendulam.

Ka bar dutsen ya tsaya cak, ka yi alama a ƙasa daidai ƙarƙashinsa. Wannan alamar ita ce tsakiya, kuma daga nan ake auna x. Mu yarda cewa duk nisan da ke hannun dama lamba ce mai kyau, wanda ke hannun hagu kuma a sa masa alamar ɗebewa. Idan an ce x = −4, ana nufin dutsen yana santimita 4 hagu da tsakiya.

Yanzu ka ja dutsen dama da santimita 10, ka sake shi ba tare da turawa ba. Wannan 10 ɗin ita ce A, wato iyakar nisan da dutsen zai kai daga tsakiya. A lura da kyau: daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu santimita 20 ne, amma A rabin wannan ne. Ɗalibai da yawa a nan suke fara zubar da maki.

Sai lokaci. Zagaye ɗaya shi ne dutsen ya tashi daga dama, ya je hagu, ya dawo dama. Lokacin da wannan ke ɗauka ana rubuta shi da T. Kada ka auna zagaye ɗaya, domin kafin yatsanka ya danna agogon waya an riga an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda babban kuskure ne a kan daƙiƙa biyu. Ka ƙirga zagaye 20, ka raba lokacin da 20, sai kuskuren ma ya rabu gida ashirin. Sa'ad da ka saki dutsen ka ce "sifili", ba "ɗaya" ba, in ba haka ba zagaye 19 za ka ƙirga kana zaton 20 ne. Da zaren santimita 99 za ka samu kusan daƙiƙa 40, wato T = 2.

Me ya kawo kosayin cikin maganar lilo?

A ajin Lissafi an koya muku kosayin a kan alwatika da kusurwa. To ina kusurwa a dutsen da ke zuwa dama da hagu kawai? Amsar tana jikin keke.

Ka kifar da keke ƙafafunsa sama da tsakar rana, ka ɗaura farin ƙyalle a bakin ƙafar baya, ka juya feda a hankali da gudu ɗaya. A Funtuwa da Malumfashi rana tana bi ta tsakiyar ka sosai a watan Afrilu da kuma Agusta, amma ko a sauran watanni za ka ga abin da ake nufi. Kada ka kalli ƙyallen, ka kalli inuwarsa a ƙasa. Ƙyallen yana zagaya da'ira, inuwar kuwa tana tafiya gaba da baya a miƙe. Tana yin sauri a tsakiya, tana rage gudu idan ta kusa ƙarshe, ta ɗan tsaya, ta juyo. Wannan shi ne ainihin motsin dutsenmu.

Idan nisan ƙyallen daga tsakiyar ƙafar keken A ne, kuma ƙafar ta juya da kusurwa θ daga inda ƙyallen ya fi nisa a dama, to alwatika ta nuna cewa inuwar tana nisan A cos θ daga tsakiya. Tunda ƙafar tana juyawa da gudu ɗaya, kusurwar tana ƙaruwa daidai da lokaci: θ = ωt. Harafin ω, wanda ake kira omega, shi ne yawan kusurwar da ake ci a daƙiƙa ɗaya. Ka sa ωt a madadin θ, ga layinmu ya fito.

Saboda haka duk lokacin da ka ga dutse yana lilo, ka ɗauka akwai wata ƙafar keke da ba a gani tana juyawa, dutsen kuma inuwarta ce. Zagaye ɗaya na lilon daidai yake da juyi ɗaya na ƙafar. Juyi ɗaya digiri 360 ne, amma a Fizis ana auna shi da radiyan, inda cikakken juyi yake 2π. Don haka:

ω = 2π/T

Namu T = 2, saboda haka ω = π, wato kusan 3.14 a kowace daƙiƙa. Layin dutsenmu ya kammala:

x = 10 cos(πt)

Ana sa t da daƙiƙa, x ya fito da santimita.

Mu bi dutsen

A lokacin sakin, t = 0. Kosayin sifili 1 ne, don haka x = 10. Daidai ne, dutsen yana hannunka a dama. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka fi zaɓen kosayin a kan sayin: ana sakin lilo ne daga ƙarshe, kosayin kuma daga ƙololuwarsa yake farawa.

Bayan rabin daƙiƙa kusurwar ta zama π/2, wato digiri 90, kosayinta sifili. Dutsen yana wucewa ta tsakiya. A daƙiƙa 1 kusurwar π ce, kosayin −1, x = −10, ya kai ƙarshen hagu. A daƙiƙa 1.5 ya sake ratsa tsakiya, a daƙiƙa 2 ya dawo inda ya tashi.

Ga tambayar da ke raba wanda ya gane da wanda ya haddace. Dutsen yana ɗaukar rabin daƙiƙa daga santimita 10 zuwa tsakiya. Yaushe zai kai rabin hanya, wato santimita 5? Yawancin ɗalibai za su ce a rabin lokacin, daƙiƙa 0.25. Mu gwada. A t = 0.25 kusurwar π/4 ce, digiri 45, kosayinta 0.707. Dutsen yana santimita 7.07. Rabin lokaci ya tafi, amma bai ci ko santimita 3 ba.

Don a samu x = 5, sai kosayin ya zama 0.5, kuma kun san kusurwar da ke ba da haka ita ce digiri 60, wato π/3. Kenan πt = π/3, t ya zama sulusin daƙiƙa, kusan 0.33. Santimita biyar na farko sun ci 0.33, biyar na biyu sun ci 0.17 kawai, rabin na farkon. Dalili shi ne dutsen ya tashi ne daga tsaye, yana ƙara gudu har ya iso tsakiya. Duk wanda ya taɓa hawa lilo ya san inda iska ta fi kaɗa masa riga.

Gudun da ya fi yawa, wanda yake yi a tsakiya, shi ne Aω. A namu, 10 sau 3.14, wato santimita 31.4 a daƙiƙa. A ƙarshen dama da na hagu kuwa gudun sifili ne.

Tarkon kalkuleta

Kuskuren da ya fi yawa a wannan darasi ba daga kan ɗalibi yake ba, daga saitin kalkuleta yake. Ka duba saman allonta. Idan ka ga D ko DEG, tana karanta kusurwa da digiri. Idan ka ga R ko RAD, da radiyan take karantawa. Tunda ω ɗinmu da radiyan yake, dole ta kasance a RAD.

Ga abin da ke faruwa idan an manta. A t = 0.5 kusurwar 1.57 ce. Kalkuletar da ke DEG za ta ɗauka digiri 1.57 kake nufi, ta ba ka 0.9996, sai ka rubuta cewa dutsen yana santimita 9.996 alhali yana tsakiya. Alamar wannan ciwo a bayyane take: duk lokacin da ka sa, amsar tana maƙale kusa da A, kamar dutsen ya ƙi motsi.

Kafin ka fara kowane lissafi, ka danna cos(π). Idan ta ba ka −1, kana kan hanya. Idan ta ba ka 0.9985, ka sauya saiti. Wanda kuma ya fi sabawa da digiri yana iya barin ta a DEG ya rubuta x = A cos(360t/T). Amsa ɗaya ce. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gauraya biyun.

Idan agogo bai fara daga ƙarshe ba

A wasu littattafai za ku ga x = A cos(ωt + φ). Wannan ƙarin φ ba wani sabon motsi ba ne. Yana faɗin inda ƙafar keken nan take ne a lokacin da ka danna agogo. Idan daga dama ka saki dutsen, φ = 0. Idan daga hagu ka sake shi, ƙafar ta riga ta yi rabin juyi, φ = π, layin ya koma x = −10 cos(πt). Idan kuma ka jira sai dutsen yana ratsa tsakiya zuwa dama sannan ka danna agogo, φ = −π/2, wanda daidai yake da x = 10 sin(πt).

Don haka idan littafinka ya rubuta da sayin, malaminka kuma ya rubuta da kosayin, babu wanda ya yi kuskure. A jarrabawa ka nemi jimlar da ta faɗi inda abin yake a farko. In an ce an ja shi an sake, kosayin ne. In an ce an fara ƙirga lokaci daga tsakiya, sayin ne. Bayan ka rubuta layinka, ka sa t = 0 ka ga ko ya ba ka wurin da tambayar ta ambata.

Me ke tsayar da ω?

Mun samo ω daga awo, amma ana iya sanin sa tun kafin a saki dutsen. Idan dutsen ya kauce daga tsakiya da x, nauyinsa yana jan sa ya koma, kuma muddin kaucewar ƙarama ce, ƙarfin jan yana daidai da nisan: ninki biyu na nisa, ninki biyu na ja. Wannan sharaɗin shi ne ke haifar da kosayin. Ga fendulam mai tsawon L:

ω = √(g/L)

A nan g shi ne ƙarfin jan ƙasa. Babu nauyin dutsen a layin, babu A. Ka canza dutsen da wanda ya ninka shi nauyi, ko ka ja shi santimita 5 maimakon 10, zagaye 20 za su ci gaba da cin daƙiƙa 40. Tsawon zare ne kaɗai ke hannunka, kuma sai ka ninka shi sau huɗu kafin lokacin ya ninka sau biyu. Guga da ke rataye da igiya mai mita 4 yana ɗaukar kusan daƙiƙa 4 a zagaye ɗaya.

Ana iya juya layin a samo g da kai: g = ω²L. Da lambobinmu, 3.1416 sau 3.1416 sau 0.99 ya ba da 9.77. Littafi yana cewa 9.8, wani lokaci a jarrabawa a ce a ɗauki 10 don sauƙi. Gaskiyar ita ce g ba ɗaya ba ne a ko'ina. Yana raguwa idan an kusanci tsakiyar duniya inda ta fi faɗi, saboda juyawarta da kuma ɗan kumburinta a nan. Funtuwa tana wajen digiri 11 da rabi arewa da wannan layin tsakiya, kuma g a nan kusan 9.78 ne, a birnin Faris kuwa 9.81.

Da fendulam aka fara gano wannan bambanci. Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai fendulam a 1656. A 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya je Kayen a Kudancin Amurka, ya tarar agogonsa da aka daidaita a Faris yana jinkiri da kusan minti biyu da rabi a kowace rana, sai da ya rage tsawon fendulam ɗin. Da Funtuwa ya kawo agogon, da lissafi ya nuna zai riƙa jinkiri da kusan minti biyu. Kada dai ka sa rai zarenka da agogon waya za su raba 9.78 da 9.81. Kuskuren santimita ɗaya a awon zare ya ninka wannan bambancin sau uku. Duk wanda ya samu tsakanin 9.6 da 10 ya yi aiki mai kyau.

Sifirin ma haka

Lokacin kaka, idan ana awon auduga ko waken soya da sikelin rataye a kasuwannin ƙauyukanmu, ku lura da allurar sikelin sa'ad da aka ɗora buhu. Tana wuce lambar, ta dawo, ta ɗan yi rawa kafin ta tsaya. Sifirin da ke ciki ne ke kai-komo. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 ta ce ƙarfin da sifirin ke ja da shi yana daidai da yawan talewarsa. Sharaɗin nan ne dai na ɗazu, don haka kosayin ya sake fitowa, sai dai a nan ω = √(k/m), inda k yake taurin sifirin, m kuma nauyin kayan.

A ɗauka ka rataye kilo 2 a wani sifirin mai laushi, ya tale da santimita 10 ya tsaya. Ƙarfin da ke jan sa 2 sau 9.8 ne, wato 19.6, ka raba da mita 0.1 ka samu k = 196. Ka raba 196 da 2 ka samu 98, tushensa kuma 9.9. Idan ka ƙara jan kayan ƙasa da santimita 3 ka sake, layinsa shi ne x = 3 cos(9.9t), inda ƙasa take lamba mai kyau, zagaye ɗaya kuma yana cin daƙiƙa 0.63. Ka lura cewa A a nan 3 ne, ba 13 ba, domin daga inda kayan suka tsaya da kansu ake aunawa. Bambancinsa da fendulam shi ne a sifirin nauyi yana da tasiri: kaya masu nauyi sun fi jinkirin hawa da sauka.

Inda layin ya gaza

Layin yana da iyaka biyu. Ta farko ita ce girman lilo. Jan santimita 10 a zaren santimita 99 bai kai digiri 6 ba, kuma har zuwa digiri 10 kuskuren bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba. A digiri 30 lokacin zagaye yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari, a digiri 60 da kashi 7, a digiri 90 da kashi 18. Saboda haka yaron da ke tashi sama sosai a lilon makaranta ya fita daga hurumin wannan kosayin.

Ta biyu, layin yana cewa dutsen zai riƙa dawowa santimita 10 har abada. A zahiri iska da gogayyar wurin ɗauri suna cinye ƙarfinsa, A yana raguwa a hankali har ya tsaya. Abin lura shi ne T kusan ba ya canzawa yayin da A ke raguwa, shi ya sa ƙirga zagaye 20 bai ɓata mana awo ba. Idan ka ga lilonka ya mutu kafin ya kai ashirin, abin da ka rataye ya yi sauƙi da yawa. Idan ka ga yana zana ƙwai maimakon tafiya a miƙe, ka tura shi gefe wajen saki. A lokacin hunturu kuma a yi gwajin cikin ɗaki, don iska tana ɓata shi.

Aikin gida

Ka rage zarenka zuwa santimita 25, ka ja dutsen dama da santimita 2 ka sake. Kafin ka taɓa agogo, ka yi amfani da abin da muka faɗa kan ninka tsawo sau huɗu ka yi hasashen T. Sannan ka auna zagaye 20 ka gani. Ka rubuta layin x na wannan lilo, ka faɗi inda dutsen yake bayan daƙiƙa 0.25, da lokacin da zai fara kai santimita 1 dama da tsakiya. Daga ƙarshe, yaya layin zai koma da daga hagu ka sake shi?

Ku aiko da amsoshinku tare da lambobin da kuka auna, da sunan makarantarku da ajinku. Za mu warware su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.